Yadda ake tsara jadawalin farashi a rahoto da Word da Excel: misali daga kasuwannin shinkafa na ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon buga takardu a Haɗeja bayan girbin shinkafa zai ga irin rahoton da sakatarorin ƙungiyoyin manoma ke kawowa a buga musu. Kusan kowane rahoto yana ɗauke da jadawali, kuma kusan kowane jadawali kamarsa ɗaya: an zagaye kowane gurbi da baƙin layi, an cika kanun da launi mai duhu, an ajiye lambobi a tsakiyar gurbi, wasu da alamar naira, wasu babu. Ga ido yana kama da aikin da aka sha wa wahala. Sai an zo karanta shi a gaban taro ake gane cewa mutum na buƙatar ɗora yatsa a kan takarda kafin ya faɗi wace lamba ce ta fi girma.

Wannan darasi zai bi jadawali guda ɗaya daga littafin sakatare har zuwa shafin rahoto. Abin da ake son fahimta shi ne, idan lambobi suka jeru daidai, su da kansu suke raba jadawali gida-gida, layukan da ake zanawa kuma yawancinsu ba su da sauran aiki. Kafin a shiga, ga kalmomi uku da za a riƙa amfani da su: sahu shi ne jerin da ya kwanta daga hagu zuwa dama, ginshiƙi shi ne jerin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, gurbi kuma shi ne ɗan akwatin da suka haɗu.

Lamarin da ake son warwarewa

A ɗauka akwai wata ƙungiyar manoman rani a yankin Auyo, inda aikin noman rani na kwarin Haɗeja yake, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. 'Yan ƙungiyar sun tara shinkafa shanshera buhu 300, kowane buhu kilo 80, wato kilo 24,000 ke nan. Kwamiti na son ya yanke shawarar kasuwar da za a kai ta, ya kuma rubuta dalilinsa a rahoton da za a karanta wa mambobi. An tura mutane sun jiyo farashi a kasuwanni biyar. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, an zaɓe su don koyarwa, kada a ɗauke su a matsayin farashin kasuwa na wata rana.

Ga yadda sakatare ya fara shigar da su, kamar yadda aka aiko masa a waya:

```
Kasuwa         Farashi            Kuɗin mota
Auyo           N39,500 (80kg)     300
Haɗeja         52000              N1,200
Kafin Hausa    42,000.00 (80kg)   800
Malam Madori   N51,500            1800
Gujungu        54k                3,500
```

Babu ƙarya ko ɗaya a wannan jadawali, amma zai iya sa kwamiti ya yi asara. Ido zai faɗa kan 54 na Gujungu ya ce can ne kasuwa. Nauyin buhu, wanda shi ne abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya, an cusa shi cikin baka a gefen farashi, kuma a sahu biyu kawai. A ginshiƙin kuɗin mota, 8 na 800 ta zauna daidai saman 1 na 1800, saboda haka wanda ya yi kallon sauri zai iya ɗauka kuɗin zuwa Kafin Hausa ya fi yawa. Sannan an rubuta kuɗi ta hanyoyi har huɗu a ginshiƙi ɗaya.

A fara da tambayar da jadawalin zai amsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe Word a fara zaɓen launi alhali ba a san abin da mai karatu zai kwatanta ba. Kwamitin nan ba farashin buhu yake nema ba, domin buhun kilo 80 da na kilo 100 ba abu ɗaya ba ne. Abin da yake son sani shi ne nawa zai rage a kowane kilo bayan an biya mai mota. Wannan lamba ba ta cikin jadawalin farko kwata-kwata, an bar wa mai karatu ya yi rabawa a kansa. Haka matsalar take a duk inda ake awo da tiya ko mudu ko kwano, tun da girmansu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Matuƙar ba a mayar da komai kan ma'auni ɗaya ba, jera lambobi daidai ba zai amfana komai ba, zai ma ƙara wa kuskuren kwarjini ne.

Don haka sai a raba bayanin a Excel, kowane iri da ginshiƙinsa: A kasuwa, B nauyin buhu, C farashin buhu, D kuɗin mota a kan buhu ɗaya, E abin da ya rage a kilo. A gurbin E2 a rubuta wannan, sannan a ja shi ƙasa:

```
=ROUND((C2-D2)/B2,0)
```

Na Auyo zai ba da 39,200 a raba da 80, wato 490. Na Haɗeja 50,800 a raba da 100, wato 508. Na Kafin Hausa 41,200 a raba da 80, wato 515. Malam Madori 497, Gujungu 505. Kasuwar da ta fi kowa tsadar buhu ta koma ta uku. Tazarar naira 10 a kilo tsakanin Kafin Hausa da Gujungu kamar ba komai ba ce, amma a kan kilo 24,000 naira 240,000 ce. Tsakanin Kafin Hausa da sayarwa a gida Auyo kuwa naira 600,000 ce.

Wani masanin ƙididdiga, Andrew Ehrenberg, ya yi rubutu a kan wannan tun a 1977, kuma shawarwarinsa biyu sun dace da wannan wuri. Ta farko, lambobin da ake son a kwatanta a jera su daga sama zuwa ƙasa, domin ido ya fi iya kwatanta lambar da ke ƙarƙashin 'yar'uwarta fiye da wadda ke gefenta. Shi ya sa kasuwanni suka zama sahu, ba ginshiƙi ba. Ta biyu, a jera sahu bisa girman lambar da ta fi muhimmanci. A nan ba a bi tsarin abacada ba, ba a kuma bi yadda saƙonni suka shigo waya ba. An jera daga kasuwar da ta fi riba zuwa wadda ta fi ƙaranci, ta yadda amsar tana sahun farko.

Me ya sa ake jingina lambobi a dama

Darajar lamba tana tafiya ne daga dama: ɗaya-ɗaya, goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu. Haka ake koya wa yara jera lissafin tarawa a firamare, kuma dalilin bai canza ba don an koma kwamfuta. Idan aka jingina ginshiƙi a dama, gidan ɗari yana faɗawa ƙarƙashin gidan ɗari, waƙafin dubu yana faɗawa ƙarƙashin waƙafin dubu, lambar da ta fi girma kuma ita ce take fin tsawo ta ɓangaren hagu. Mutum zai gane 3,500 ta fi 800 tun kafin ya karanta su, daga tsawonsu kawai. Ajiye lamba a tsakiyar gurbi yana rusa wannan, domin lamba mai gida uku da mai gida huɗu za su kauce wa juna da rabin gida, babu gidan da zai zauna kan ɗan'uwansa.

Rubutu kuma akasin haka ne. Sunayen kasuwanni a hagu ake jingina su, saboda daga hagu ake fara karanta boko. Kan kowane ginshiƙi ya bi abin da ke ƙarƙashinsa: idan lambobi suna dama, kan ma ya koma dama. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa, sai a ga kalmar farashi tana can hagu, lambobinta suna can dama, har su fi kusa da kan ginshiƙin da ke biye.

Excel da kansa yana jingina lambobi a dama, rubutu a hagu, kuma wannan ɗabi'a tasa alama ce mai amfani sosai. Idan aka rubuta N39,500 ko 54k a gurbi, Excel ba ya ɗaukarsu lamba, rubutu yake ɗaukarsu, sai ya jingina su a hagu. Haɗarin shi ne SUM yana tsallake irin waɗannan gurabe ba tare da ya ce komai ba, jimilla ta fito a gajarce. Saboda haka kada a yi gaggawar latsa maɓallin jingina a dama. Wanda ya yi haka ya ɓoye alamar cutar ne kawai. A fara duba ko akwai lambar da ta maƙale a hagu, ko wadda ke da ɗan koren alama a kusurwar gurbinta. Idan ana shakka, a gwada wannan a wani gurbi na gefe:

```
=ISNUMBER(C2)
```

Idan ya ba da FALSE, a goge harafin N ko k ɗin a sake rubuta lambar zalla. Idan koren alamar ce ta fito, a latsa ta a zaɓi Convert to Number.

Bayan an tabbatar duka lambobi ne, sai a haskaka ginshiƙan kuɗi, a latsa Ctrl+1, a shiga Custom, a rubuta:

```
#,##0
```

Wannan zai sa waƙafin dubu a ko'ina, ya kuma cire .00 ɗin kwabo. Babu mai sayen buhun shinkafa da kwabo, don haka sifili biyun nan cika wuri kawai suke yi, suna kuma sa 42,000.00 ta yi kama da miliyoyi a gefen 52,000. Dokar ita ce duk lambobin ginshiƙi ɗaya su kasance da yawan gidaje ɗaya bayan ɗigo: ko babu ko ɗaya, ko ɗaya-ɗaya, ko biyu-biyu. Idan aka kiyaye wannan, jinginawa a dama kaɗai ta isa ta jera ɗigon ma.

Alamar naira kuma sau ɗaya za ta fito, a kan ginshiƙi, ba a kowane gurbi ba. Haka ma kilo. A Word, idan babu alamar a allon madannai, a rubuta 20A6 sannan a latsa Alt+X nan take, za ta koma ₦.

Akwai tarko guda a nan da ya kamata a tsaya a kansa, domin yana iya jawo wa sakatare zargi. Tsarin `#,##0` yana ɓoye gidajen bayan ɗigo ne kawai, ba ya goge su. A ɗauka gonaki uku ne masu hekta 12.4 da 8.4 da 5.4. A takarda za su fito 12 da 8 da 5, jimilla kuma ta fito 26, tun da ainihinta 26.2 ce. Duk wanda ya tara da kansa zai samu 25. Idan hekta ce za a ce kuskuren bugu ne, idan kuwa kuɗin mambobi ne, wani zai miƙe a taro ya tambayi inda ɗayar ta fito. Mafita biyu ce: ko a nuna gida ɗaya bayan ɗigo a duk ginshiƙin, ko a yi amfani da ROUND kamar yadda aka yi a sama don lambar da ake gani ta zama ita ce ake tarawa. Idan dole ne a bar bambancin, a rubuta a ƙarƙashin jadawali cewa an taƙaita lambobin zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa.

Idan an jingina a dama amma ba su jeru ba

Wani lokaci an yi komai daidai, amma a Word sai a ga ginshiƙin yana karkacewa, waƙafi ba ya kan waƙafi. Yawanci laifin nau'in rubutun ne. A wasu nau'o'in, lamba 1 ta fi 8 siranta, saboda haka 11,100 za ta fi 88,800 gajarta duk da gidajensu ɗaya. Wasu kuma, irin su Georgia da Constantia da Candara, lambobinsu na hawa da sauka kamar ƙananan haruffa, wata ta leƙo sama, wata ta zuro ƙafa ƙasa. Suna da kyau a cikin jimla, amma a jadawali suna wahalar da ido.

Gwajin mai sauƙi ne. A rubuta 1111 a layi ɗaya, a rubuta 8888 a ƙarƙashinsa. Idan tsawonsu ya zo ɗaya, nau'in rubutun ya dace da jadawali. Arial da Times New Roman da Calibri duk suna cin wannan gwaji. Idan ana son ci gaba da wanda bai ci ba, a haskaka jadawalin, a latsa Ctrl+D, a shiga Advanced, a mayar da Number spacing zuwa Tabular, Number forms kuma zuwa Lining. Wannan yana aiki ne kawai idan nau'in rubutun yana ɗauke da irin waɗannan lambobi a cikinsa. Tun da rahoton da Hausa ake rubuta shi, a haɗa da duba ƙ da ɗ da ɓ. Idan nau'in rubutun ba shi da su, Word zai aro su daga wani, sai a ga ɗ ɗin Haɗeja ta fita daban da sauran haruffan.

Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne tura lamba da maɓallin tazara har sai ta yi kamar ta jeru. A kwamfutar sakatare za ta yi daidai, da an buɗe fayil ɗin a kwamfutar mai shagon bugu ko a waya sai komai ya watse. A cikin jadawalin Word, Ctrl+R ya wadatar. Ga ginshiƙin da dole yawan gidajen bayan ɗigo ya bambanta, akwai Decimal Tab: a haskaka ginshiƙin, a bar shi jingine a hagu, a zaɓi alamar Decimal Tab a kusurwar rula, a latsa inda ake son ɗigon ya tsaya. A cikin jadawali ba sai an latsa Tab ba, lambobin da kansu za su jeru a kan ɗigon.

Layi uku sun isa

Yanzu da lambobi suka jeru, a duba abin da layukan tsaye ke yi. Aikinsu shi ne su nuna inda ginshiƙi ya ƙare. Amma gefen dama na lambobin da aka jera ya riga ya zama miƙaƙƙen layi da ido ke gani ba tare da tawada ba, farin da ke tsakanin ginshiƙai kuma ya raba su. Layin tsaye a nan katanga ce kawai da ido zai tsallaka sau huɗu kafin ya tashi daga sunan kasuwa ya kai ga lambar ƙarshe. Edward Tufte, a littafinsa na 1983 kan yadda ake nuna alƙaluma, ya gina hujjarsa a kan cewa yawancin tawadar da ke shafi ta tafi ga bayanin kansa, a rage wadda ba ta faɗin komai. Mujallun kimiyya da yawa sun daɗe a kan wannan tsari: layi ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashin kanu, ɗaya a ƙasa.

A Word ga yadda ake yi. A latsa ɗan gicciyen da ke kusurwar jadawali don haskaka shi duka, a shiga Table Design, a buɗe Borders, a zaɓi No Border. Komai zai ɓace, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsorata su koma baya. A kunna View Gridlines, zai nuna iyakokin gurabe da ɗigo-ɗigo a allo kawai, ba ya fita a bugu. Daga nan a haskaka sahun kanu a ba shi Top Border da Bottom Border, a haskaka sahun ƙarshe a ba shi Bottom Border. Na sama da na ƙasa za su iya zama 1 pt, na ƙarƙashin kanu ½ pt. Idan akwai sahun jimilla, a ƙara siririn layi ɗaya a samansa, domin shi yana da ma'ana: yana cewa abin da ke ƙasa tarin na sama ne.

Ga jadawalin bayan gyara:

```
Jadawali 1. Abin da zai rage a kilon shanshera bayan kuɗin mota
──────────────────────────────────────────────────────────
                  Nauyin    Farashin      Kuɗin      Saura
Kasuwa       buhu (kilo)    buhu (₦)   mota (₦)  a kilo (₦)
──────────────────────────────────────────────────────────
Kafin Hausa           80      42,000        800        515
Haɗeja               100      52,000      1,200        508
Gujungu              100      54,000      3,500        505
Malam Madori         100      51,500      1,800        497
Auyo                  80      39,500        300        490
──────────────────────────────────────────────────────────
Kuɗin mota daga rumbun ƙungiya ne, a kan buhu ɗaya.
```

A lura da taken. Bai tsaya ga cewa farashin shinkafa ba, ya faɗi abin da aka auna. A rahoto na gaske, a ƙarƙashin jadawalin za a ƙara ranar da aka jiyo farashin da kuma ko daga bakin dillali ne ko daga cinikin da aka gani an yi, domin farashin shanshera a makon girbi da na wata biyu bayansa ba ɗaya ba ne, jadawalin da ba shi da rana kuma zai ci gaba da yawo a waya bayan ya tsufa. Idan ana son jawo ido, a kaurara sahun Kafin Hausa kaɗai ko ginshiƙin ƙarshe kaɗai. Idan aka kaurara abu biyar, babu wanda ya fita.

Idan aka cire layuka sai sahu suka yi kamar sun cunkushe, maganin shi ne iska. A shiga Cell Margins a ƙara ɗan fili a sama da ƙasan kowane gurbi. Kada kuma a ja jadawali ya cika faɗin takarda don kawai akwai wuri. Ginshiƙai biyar da aka baza daga gefe zuwa gefe suna barin fili mai faɗi tsakanin suna da lambarsa, ido ya ɓace a hanya ya sauka a sahun da ba shi ba. AutoFit Contents yana matso da su kusa da juna.

Wannan tsari yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Jadawali mai sahu biyar ba ɗaya yake da jerin mambobi 120 da bashin takin kowa ba. A irin wannan dogon jeri ido na buƙatar abin riƙewa, sai a sa siririn layi ko ɗan fili bayan kowane sahu biyar, a kunna Repeat Header Rows don kanu su sake fitowa a kowane shafi, a kuma cire alamar da ke kan Allow row to break across pages don kada sahu ya rabe biyu. Fom ɗin da za a cike da biro ko a dangwala masa yatsa kuwa yana buƙatar akwatunansa cikakku, domin a can layin yana nuna wa hannu inda zai rubuta. Launin da ake shafa wa sahu ɗaya a tsallake ɗaya yana da kyau a allo, amma rahoton ƙungiya fotokofi ake yi masa, wani lokaci kofin kofi, kuma toka-tokar da ta yi kyau a kwamfuta takan fito dabbare-dabbare ta cinye lambobin.

Sai gurbin da babu komai. Idan ba a samo farashin wata kasuwa ba, kada a rubuta 0, domin sifili lamba ce, tana nufin kyauta, kuma AVERAGE zai haɗa da ita ya ja matsakaicin ƙasa. Kada kuma a bar shi fayau a takarda, mai karatu zai ɗauka mantawa aka yi. A sa ɗan karan tsaye-a-kwance, wato alamar –, a bayyana a ƙasa cewa ba a samu farashi ba.

Jadawalin ban ruwa

Ƙa'idojin nan suna aiki a jadawalin lokaci, da ɗan bambanci. A ɗauka ƙungiyar masu amfani da ruwa ce take raba wa sassa uku lokacin buɗe ƙofar ruwa, nan ma da alƙaluman misali:

```
──────────────────────────────────────────
Rana      Sashe    Buɗewa   Rufewa     Awa
──────────────────────────────────────────
Litinin   Na 1      06:00    10:30     4.5
          Na 2      10:30    16:00     5.5

Talata    Na 3      06:00    12:00     6.0
          Na 1      22:00    02:00     4.0
──────────────────────────────────────────
```

An yi amfani da agogon awa 24 da sifili a gaba, 06:00 maimakon 6:00, don kowane lokaci ya zama gida huɗu, ɗigo biyun tsakiya su jeru. Hakan yana kuma kawar da rikicin ƙarfe shida na safe ko na yamma, wanda a kan ruwa ba ƙaramin rikici ba ne. Inda mafi yawan masu karatu ba su saba da 22:00 ba, ana iya rubuta 10:00 a ƙara ɗan ginshiƙi na dabam mai cewa safe, yamma ko dare, muddin ba a cusa kalmar cikin gurbin lambar ba. Ba a maimaita sunan rana ba, fili ne ya raba Litinin da Talata, ya yi aikin da layi zai yi.

A Excel a rubuta lokaci da ɗigo biyu, 6:30, a ba ginshiƙin tsarin `hh:mm`. Wanda ya rubuta 6.30 ya shigar da lamba shida da ɗigo uku ne, ba lokaci ba. Tsawon lokaci kuma a fitar da shi haka:

```
=MOD(D2-C2,1)*24
```

Excel yana ɗaukar yini guda a matsayin 1, shi ya sa ake ninkawa da 24 don a samu awa. MOD ɗin yana kula da zagayen da ya tsallaka tsakar dare, kamar na 22:00 zuwa 02:00, wanda in ba haka ba zai fito da lamba ƙasa da sifili. A mayar da wannan ginshiƙi tsarin `0.0`, in ba haka ba Excel zai iya nuna amsar kamar lokaci. A kuma tuna 4.5 awa huɗu da rabi ce, wato da minti 30. Rubuta 4.30 a wannan ginshiƙi zai sa jimillar mako ta gaza.

Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda 03/04 ke nufin 4 ga Maris, alhali mai rubutun 3 ga Afrilu yake nufi. A jadawalin da za a liƙa ko a tura wa mutane, a rubuta sunan watan da haruffa.

Kafin a tura

Jadawalin da aka gama a Excel a kwafo shi zuwa Word a matsayin jadawali, kada a ɗauki hoton allo a manna, domin hoto yana dishewa a bugu kuma ba a iya gyara lamba ɗaya a cikinsa. Bayan mannawa a sake duba jinginar ginshiƙai, wani lokaci takan sauya a hanya. Idan rahoton ta WhatsApp zai bi, a mayar da shi PDF tukuna, saboda fayil ɗin Word yana sauya fasali gwargwadon manhajar da ta buɗe shi a waya, PDF kuwa yana riƙe nau'in rubutu da jerin lambobi yadda aka bar su.

Gwajin ƙarshe shi ne a buga shafin a firinta baƙi da fari, a kuma buɗe PDF ɗin a ƙaramar waya ba tare da an zuƙo shi ba. Sannan a miƙa wa wani ɗan kwamiti da bai ga alƙaluman ba, a tambaye shi wace kasuwa za a kai shinkafar. Idan ya ce Gujungu, ginshiƙin farashin buhu ne ya fi jan ido, sai a kaurara ginshiƙin saura a kilo, ko a matso da shi ya zauna daf da sunan kasuwa.